Ina so Baba Alhaji ya ƙara mini wa'adin biyan kaya, amma ina tsoron ɓata tsakaninmu

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jos, ina da shagon kayan masarufi kusa da kasuwar Katako. Shekara 6 ke nan ina ɗaukar kaya a wurin wani dila, abokin marigayi mahaifina, wanda nake kira Baba Alhaji. Duk mako biyu nakan ɗauki kayan kimanin naira miliyan 3, shinkafa da taliya da man girki da sukari, in biya ranar da na dawo ɗaukar wasu. Bana na samu odar wata makarantar kwana mai zaman kanta da wani otal. Su biyun suna ɗauke rabin kayan, amma ba sa biya sai bayan kwana 30. Saboda haka sau biyu na makara, yanzu ma akwai ragowar naira 800,000 a kaina. Baba Alhaji bai ce mini komai ba, amma yaronsa ya fara kirana tun kafin ranar biya ta zo. Ina so ya mayar mini da wa'adin mako shida. Wani abokina ya ce in nuna masa akwai dilan da zai ba ni hakan, ko da babu. Ina jin nauyinsa, kuma ina tsoron ya ɗauka na raina alherinsa. Yaya zan yi?

Wani ɗan kasuwa daga Jos

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kuma sa albarka a wannan buɗi da ka samu. Nauyin da kake ji abu ne mai kyau, domin shi ke nuna cewa ka san darajar abin da aka yi maka, amma ina so ka lura da cewa wannan nauyin ne kuma yake neman jefa ka cikin abin da kake gudu. Kunya ta hana ka zuwa ka yi magana, sai ka yi shiru ka makara, kuma a wurin mai ba da kaya bashi, makarar da ba a sanar da shi ba ta fi roƙon ƙarin wa'adi ciwo nesa ba kusa ba. Wanda ya zo ya roƙa ya bar wa mai dukiya ikon cewa e ko a'a. Wanda ya yi shiru har ranar ta wuce kuwa ya riga ya ɗauki kwanakin da kansa ba tare da an ba shi ba. Kiran da yaron nan yake yi maka ba nasa ba ne, saƙon maigidansa ne, domin dattijo irin Baba Alhaji zai ji nauyin ya tuhumi ɗan abokinsa da bakinsa. Ka ɗauki kiran a matsayin sanarwa cewa an lura, kuma har yanzu ƙofa a buɗe take.

Kafin ka taka zuwa wurinsa, ya kamata ka san girman abin da kake shirin roƙa, domin kai kwanaki kake ƙirgawa, shi kuma kuɗi zai ƙirga. A tsarin da kuke kai yanzu, duk ranar da ka zo lodi kana biyan na baya, saboda haka abin da yake binka ba ya wuce naira miliyan 3 a kowane lokaci. Idan wa'adin ya koma mako shida alhali kana ci gaba da ɗaukar kaya duk mako biyu, za ka yi lodi na ɗaya da na biyu da na uku kafin kuɗin na ɗaya ya iso hannunsa, wato dukiyarsa ta naira miliyan 9 ce za ta riƙa kwana a hannunka, kuma haka za ta ci gaba da zama muddin cinikin yana tafiya. Ƙarin mako huɗun da kake gani kamar ƙaramin abu yana nufin ya zuba maka ƙarin jari na naira miliyan 6 ba tare da jingina ba. Idan ka je ka ce masa mako shida kai tsaye, wannan lissafin zai yi a zuciyarsa kafin ka rufe baki, kuma idan ya ga alamar kai ba ka yi shi ba, abin da zai ɗauka shi ne ba ka san nauyin abin da kake nema ba.

Ka ƙara da cewa kuɗin da suka kwanta suna da tsadarsu. Yawancin dilolin kayan masarufi sai sun biya kamfani kafin a yi musu lodi, ko kuma a ba su 'yan kwanaki kaɗan, kuma ribar da ke kan buhun shinkafa ko sukari a matakin sari siririya ce, yawan juyawa ne yake tara ta. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 a watan Disambar shekarar, wanda ya sa ɗan kasuwar da ya je banki neman rance a lokacin yake jin ana kiran kashi 30 ko fiye. Ko Baba Alhaji bai taɓa cin bashin banki ba, wannan adadi yana nuna maka kimar kuɗi a kasuwa. Idan muka yi lissafi da kashi 30 a shekara, riƙe naira miliyan 3 na ƙarin kwana 28 ya kai kimanin naira 69,000 a kan kowane lodi. A ce ribarsa a lodin kashi 4 ce, wato naira 120,000, ka ga fiye da rabinta ya tafi. Akwai kuma abin da dilolinmu suka ɗanɗana tun bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, wato mutum ya ba da kaya bashi a farashin yau, kafin a biya shi kamfani ya yi ƙari, kuɗin da suka dawo su kasa sayo adadin buhunan da suka fita. Wanda ya sha wannan ba zai ji maganar mako shida da sauƙi ba, komai ƙaunar da yake yi maka.

Abin da ya kwantar mini da hankali a wasiƙarka shi ne cewa ba mako shida kake bukata a kan dukan kayan ba. Rabin kayan a shago kake sayar da shi, kuɗinsa a hannu suke shigowa, kuma shekara da shekaru kana biyan su cikin mako biyu ba tare da matsala ba. Rabin da ke tafiya makaranta da otal ne kaɗai yake kwanciya. Saboda haka ka raba bukatarka gida biyu. Naira miliyan 1.5 ta kayan shago ta zauna a kan wa'adinta na kwana 14, naira miliyan 1.5 ta kayan oda kuma ka nemi kwana 35, wato kwana 30 ɗin da suke ɗauka da ƙarin kwana 5 saboda jinkirin sa hannu da na banki. A wannan tsari mafi yawan abin da zai riƙa binka naira miliyan 6 ne maimakon 9, kuma tsadar jiran a kan kowane lodi ta sauko daga naira 69,000 zuwa kimanin naira 26,000. Wannan magana ce da ɗan kasuwa zai iya saurara, domin tana da dalili a bayanta, tana da iyaka, kuma tana nuna cewa ka zauna ka duba littafinka kafin ka zo.

Ka tafi kuma da matsayi na biyu a zuciyarka, wanda za ka koma kansa idan ya nuna na farkon ya yi masa yawa. Shi ne rabin ya zauna a kwana 14, rabin kuma a kwana 28, ta yadda duk ranar lodi za ka biya rabin lodin baya da cikon na wanda ya gabace shi. A nan bashin ba zai wuce naira miliyan 4.5 ba, kuma babu wata sabuwar ranar biya da akawunsa zai riƙa tunawa. Illarsa ita ce za a bar ka da giɓin 'yan kwanaki tsakanin ranar da za ka biya shi da ranar da makaranta za ta biya ka, kuma dole ka san inda za ka cike shi kafin ka amsa. Kada ka karɓi wa'adin da ka san ba za ka iya cikawa ba don kawai kunya ta kama ka a gabansa, domin saɓa sabon alkawari ya fi saɓa tsohon muni, tunda wannan karon kai ka zaɓi ranar da bakinka.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai ka fara kawar da naira 800,000 ɗin nan. Wannan tsohon bashi ne da ranarsa ta riga ta wuce, kuma bai kamata ka gauraya shi da maganar sabon tsari ba. Idan ka je neman ƙarin wa'adi da ragowa a kanka, duk abin da ka faɗa zai yi kama da uzurin wanda ya kasa biya, alhali kai kasuwarka buɗewa ta yi. Kuɗin farko da suka shigo daga otal ko makaranta, ka tura masa su a ranar, kafin ka sayi ko katan ɗaya a wani wuri. Idan akwai kayan da suka daɗe a shago ba sa tafiya, ka karya farashinsu ka haɗa. Idan kuma ba za su haɗu gaba ɗaya ba, ka kira shi yau, shi kansa ba yaronsa ba, ka ba shi haƙuri a kan makarar, ka faɗa masa ranar da zai ga rabi da ranar da zai ga ciko, sannan ka cika. Hadisin da ya ce jinkirin mai hali zalunci ne yana aiki a kanka daga lokacin da kuɗin suka shigo asusunka ka juya su zuwa wani abu. Idan son samu ne, bayan ka share ragowar ka ƙara biyan lodi ɗaya ko biyu a kan lokaci kafin ka ɗago maganar, domin biyan da ya gani da idonsa kwanan nan shi ne zai yi maka shaida.

Game da shawarar abokinka, ina roƙonka ka ajiye ta gaba ɗaya. Na farko ƙarya ce, kuma dilolin Jos sun san juna, suna haɗuwa a wurin lodi da wurin ɗaurin aure da jana'iza, kiran waya ɗaya ya isa ya gano cewa babu wanda ya yi maka wannan tayin. Na biyu, ko da gaskiya ce, barazana tana aiki ne a inda mai saye ya fi ƙarfi, kamar babban kanti da ke ɗauke kaso mai yawa na kayan dila. Kai kuwa mai cin bashi ne, kuma mutumin da ya ba ka kaya ba jingina saboda mahaifinka, idan ya ji kana auna shi da wani, abin da zai fi sauƙi a gare shi shi ne ya ce Allah Ya ba da sa'a, ka biya abin da ke kanka ka tafi can. Sabon dila kuma ba zai fara da kai a kan bashi ba, sai ka yi watanni kana saye da kuɗi a hannu. Haka nan kada ka jingina roƙonka da zumuncinsa da mahaifinka. Shi ya san da wannan zumunci, saboda shi ne ma ya yi shiru har yanzu. Idan ka ambace shi a matsayin hujja, ka ɗaure masa hannu, ko ya amince yana jin an tilasta masa, ko ya ƙi yana jin ya ci amanar mamaci, kuma duka biyun suna barin tabo.

Abin da za ka kai masa maimakon haka shi ne abin da zai rage masa nauyi. Mafi sauƙi a gare ka shi ne gaggauta biyan rabin kayan shago. Tunda kuɗin suna shigowa kullum, kana iya tura masa rabinsu a ƙarshen makon farko, cikon kuma a rana ta 14, ko ka biya duka a rana ta 10. Dila yana son ganin kuɗi suna motsi, kuma alat da ke shigowa duk mako yana kwantar masa da hankali fiye da alkawarin baki. Ka kuma sa wa bashin iyaka da kanka, ka ce duk ranar da abin da ke kaina ya kai naira miliyan 6, kada a ƙara mini ko buhu ɗaya sai na rage. Ka nemi a gwada tsarin na wata uku, ko na zangon karatu ɗaya, idan ka saɓa sau ɗaya ba tare da sanarwa ba a koma tsohon tsari ba gardama. Sannan ka ɗauki takardar odar makarantar da ta otal ɗin da rasitan kayan da ka kai musu, ka ajiye a gabansa ya gani. Mutum yakan fi sakin jiki idan ya ga inda dukiyarsa take tafiya.

Akwai kuma maganar ƙarin farashi, kuma nan ne nake so ka yi taka-tsantsan. Kana iya yi masa tayin ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan rabin da za a jinkirta, wato naira 30,000 a kan miliyan 1.5, wanda ya rufe masa tsadar jiran da muka lissafa. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya da farashin ajali da ya fi na hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya da ranar biya ɗaya tun lokacin ƙulla cinikin, kafin a rabu. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗora ƙari a kan bashin da ya riga ya tabbata saboda an ƙara masa kwanaki, ko a ce idan ranar ta wuce za a riƙa ƙara kaza, domin wannan shi ne ainihin kuɗin ruwan da addini ya haramta. Wannan ma wani dalili ne na raba naira 800,000 ɗin da sabon tsari: tsohon bashi a biya shi yadda yake, sabon farashi kuma ya hau kan kayan da ba a riga an ɗauka ba. Kafin ka yi wannan tayin, ka duba ribarka a kan odar. Idan kana samun kashi 8 ko 10 bayan kuɗin mota da na 'yan dako, kashi 2 ba zai karya ka ba. Idan kuwa kashi 3 ko 4 kake samu, to odar ce take bukatar gyaran farashi. Kuma kada ka fara da wannan tayin, ka bar shi sai ka ga ya yi jinkirin amsawa, domin mai yiwuwa biyan mako-mako da iyakar bashi sun ishe shi.

Yadda za ka gabatar da maganar yana da tasiri kamar abin da ke cikinta. Kada ka yi ta ta waya ko ta saƙo, kada ka yi ta ranar lodi a bakin sito gaban yara da 'yan dako, inda amincewarsa za ta zama abin da sauran masu ɗaukar kaya za su zo su nema gobe. Ka nemi ya ba ka lokaci, a ofishinsa bayan an tashi ko a gida idan kun saba da haka. Ka guji makonnin da ke gab da azumi da salla da kuma Kirsimeti, domin a Jos duka lokutan nan ne dila yake tattara duk abin da ke waje don ya cika sito, kuma a irin wannan lokaci ko ɗan cikinsa ne ya zo zai iya jin a'a. Kada kuma ka fara aika wani dattijo ya yi maka magana. Ɗan aike yana da amfani idan an ɓata, amma a nan ba a ɓata ba, kuma aiken zai nuna masa cewa ka kai maganar kuɗin da ke tsakaninku waje.

Bayan gaisuwa, kana iya cewa wani abu kamar haka: "Baba, na zo ne da magana biyu. Ta farko in ba ka haƙuri a kan makarar da na yi, ya kamata in sanar da kai tun kafin ranar. Ta biyu, Allah Ya kawo mini odar makaranta da otal, ga takardunsu, suna ɗaukar rabin kayan da nake ɗauka a wurinka, amma sai bayan kwana 30 suke biya. Na zauna na yi lissafi, na san idan na nemi a ɗaga dukan kayan nauyin zai yi yawa. Abin da nake roƙo shi ne rabin da ke zuwa wurinsu ya zama kwana 35, rabin shago kuma zan riƙa turowa duk mako. Kada bashin ya wuce miliyan 6, mu gwada na wata uku. Idan ka ga bai yi ba, ko kana da wata hanyar da ta fi, ni mai bin shawararka ne." Daga nan sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Kada ka cike shirun da ƙarin rangwame, kuma idan ya ce zai duba, ka yi godiya ka tashi, domin mai yiwuwa yana bukatar ya duba nasa alkawuran da kamfani.

Idan ya amince, ku rubuta. Na san za ka ji kamar neman takarda a wurin uba rashin yarda ne, amma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashin da aka sa wa ajali, kuma idan kai mai cin bashin ne ka nemi a rubuta, kariya ce ka ba shi. Shafi ɗaya ya isa: adadin da za a biya a kwana 14, adadin da za a biya a kwana 35, daga wace rana ake fara ƙirge, iyakar bashi, farashin rabin ajali idan an yi ƙari, da ranar da za a sake duba tsarin. Ka tabbata akawu ko yaron da ke riƙe littafi ya san da shi, domin sau da yawa maigida yakan amince a ofis amma littafi ya ci gaba da nuna ka makara. Idan aka nemi ka ba da cekin da aka sa wa kwanan wata na gaba, ka yi tunani sosai, domin a ƙarƙashin wata dokar Najeriya ta 1977 ba da cekin da banki ya mayar saboda babu kuɗi laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 2, kuma kai biyanka ya rataya ne a kan biyan wasu.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda suka jawo matsalar tun farko. Bai kamata Baba Alhaji kaɗai ya ɗauki nauyin jinkirin makaranta da otal ba, alhali su ba ka nemi komai a wurinsu ba. Otal kuɗi yake karɓa kullum daga baƙi, saboda haka babu abin da zai hana ka nemi ya riƙa biya duk mako biyu, ko da za ka ɗan sassauta masa farashi. Makaranta kuma kuɗinta a farkon zango suke shigowa lokacin da iyaye suke biyan kuɗin makaranta, sai su yi ƙasa a ƙarshensa, don haka ka nemi kafin alƙalami na kashi 30 a farkon zango, kuma ka rage yawan abin da kake kai musu bashi idan hutu ya matso, domin kayan da aka kai a makon ƙarshe kan iya kwana har sai an dawo. Ka tabbata ana sa hannu a takardar karɓar kaya ranar da aka sauke su, ka miƙa takardar neman biya a ranar, kuma a yarda cewa daga ranar ake ƙirga kwana 30. Idan otal kaɗai ya koma mako biyu, abin da kake nema a wurin Baba Alhaji zai ragu sosai, har matsayi na biyun nan ya ishe ka.

Idan kuma ya ce a'a, ka karɓa da fuska a sake, ka ci gaba da biya a kan kwana 14, domin mai yiwuwa shi ma a matse yake, kuma dattijo ba zai buɗe maka littafinsa ba. Sai ka tambaye shi ko zai yarda a gwada da lodi ɗaya kawai a wata, ko a kan kayan da ribarsu ta fi kauri. Idan wannan ma bai samu ba, kana da hanyoyi. Kana iya rage odar zuwa abin da jarinka zai ɗauka, ka riƙe otal ka rage makaranta. Kana iya neman ɗan'uwa ya zuba kuɗi a kan odar kaɗai ku raba riba. Kana iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, waɗanda suke da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya a kan ajali, sai dai za su nemi takardun kasuwancinka da tarihin asusunka, wani lokaci da jingina ko mai tsaya maka. Idan kuma ka ga dole ka ɗauki wani ɓangare na kayan odar a wurin wani dila, ka faɗa wa Baba Alhaji da bakinka kafin ya ji a kasuwa, a matsayin sanarwa da neman izini, bayan ka share duk abin da ke kanka.

A cikin watannin gwajin, ka sa ido a kan alamun da ke nuna yadda zuciyarsa take, domin ba lallai ya faɗa ba. Idan aka fara ce maka kayan da suka fi tafiya sun ƙare alhali kana ganin ana yi wa wasu lodi, ko aka daina sanar da kai kafin farashi ya tashi, ko aka rage maka adadin buhuna ba bayani, to tsarin ya yi masa nauyi, sai ka je da kanka ka nemi a rage iyakar bashin ko kwanakin tun kafin ya nema. Ranar da kuma makaranta ta saɓa maka, wanda zai iya faruwa, ka kira shi kwana uku kafin ranar biyanka, ka faɗa masa nawa ke hannunka, ka tura su nan take, ka sa ranar ciko, sannan ka dakatar da ɗaukar kayan oda a wurinsa har sai ka cika.